Ƙwayar Ciwon Jiki Da Ƙodar Falke: A Yi Hattara

Kowa ya san wanda ya sauko daga tirela a Duwala bayan kwana biyu ko uku daga Ngaundare ko Garwa, jikinsa kamar an yi masa duka yake. Abin da yawancinmu kan yi shi ne mu tsaya wurin mai tebur a New Bell ko Bepanda, ko mu leƙa Gazon a babbar kasuwa, mu ce a haɗa mana na ciwon jiki. To, a cikin haɗin nan da wuya a rasa ibufurofen ko dikilofenak, waɗanda ake sayarwa da sunaye irin su Brufen da Voltarène. Suna kashe ciwo, ba mu musa ba. Amma suna iya taɓa ƙoda, ita kuwa ƙoda ba ta cika yin kuka ba sai ɓarna ta yi nisa.

Ga yadda abin yake. Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da dattinsa ta fitsari, kuma ba ta iya wannan sai jini yana isa gare ta sosai. Idan ruwan jiki ya ragu, saboda zufa ko zawo ko ƙarancin shan ruwa, sai ƙoda ta saki wani sinadari da ke buɗe 'yan jijiyoyin da ke kawo mata jini. Wannan sinadari kuwa danginsa ne ke sa mu ji zafin ciwo da kumburi, shi kuma ƙwayoyin nan suke toshewa. Wato ƙwaya ɗaya ce ke kwantar da ciwon baya, ita ce kuma ke matse wa ƙoda hanyar jini. Saurayi mai lafiya da ya sha ruwa ya ƙoshi, yawanci ba ya ganin komai in ya sha na kwana biyu. Haɗarin yana kan wanda ƙodarsa ta riga ta raunana, da mai hawan jini, da mai ciwon suga ko na zuciya, da dattijo.

Mu masu harkar dabbobi muna da darasi a kusa. A Indiya da Pakistan an riƙa yi wa shanu allurar dikilofenak, ungulaye suna cin mushensu, sai suka dinga mutuwa tun daga shekarun 1990, har wasu irinsu suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. A 2004 aka tabbatar ƙodarsu ce maganin ke kashewa, Indiya kuma ta hana ba dabbobi shi a 2006. Mutum ba ungulu ba ne, jikinsa ya fi jure maganin nesa ba kusa ba, amma gaɓar da abin ke nufa ɗaya ce.

Bari mu buga misali da falke mai shekara 58, wanda ke shan ƙwayoyin hawan jini biyu, kaftofiril da wata mai sa fitsari. Gwajinsa na baya ya nuna kiriyatinin, wato dattin da ake aunawa a jini don a san ƙarfin ƙoda, ya kai miligiram 15 a lita. Na namiji mai lafiya bai cika wuce 12 ko 13 ba. A lissafin likita, 15 a shekarunsa na nufin tacewar ƙodarsa tana wajen 54, alhali ta matashi lafiyayye tana haura 90. Ke nan kusan rabi ya rage, shi kuwa ba ya jin komai.

Sai ya ɗauko kaya zuwa mayankar Bonendale. A hanya ba ya shan ruwa sosai don kada a yi ta tsayar da mota, ga zawo ya kama shi. Gwiwa ta matsa, sai ya fara dikilofenak mai miligiram 50 sau uku a rana, wato 150, iyakar abin da ake ba mai lafiya ke nan. Ya ƙara da wata ƙwaya mai launi biyu da aka ce ta gajiya ce, bai san akwai ibufurofen 400 a ciki ba. Yanzu abu uku sun taru: mai sa fitsari ta rage ruwan jiki, dikilofenak da ibufurofen sun matse hanyar shigar jini, kaftofiril kuma ya sassauta ta fita, sai ƙarfin tacewa ya faɗi. Kafin kwana huɗu ko biyar fitsari ya ragu, ƙafafu sun kumbura, ga tashin zuciya da kasala. In aka auna, ana iya tarar da kiriyatinin ya ninka. Idan ya daina ƙwayoyin ya je asibiti nan da nan, sau da yawa ƙodar kan farfaɗo cikin kwanaki ko makonni. Idan kuwa ya ce gajiya ce ya ƙara wata ƙwayar, abin na iya kai shi ga injin wankin ƙoda irin na Babban Asibitin Duwala. Wanda ƙodarsa ta mutu ɗungurungum kuwa, sau biyu ko uku a mako zai hau injin, awa huɗu kowane hawa. Ina fatauci a nan?

To me za a sha? Na farko shi ne farasitamol, domin a ƙa'idarsa ba ya matse jinin ƙoda. Babba zai sha ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, a bar awa shida tsakani, kada a wuce ƙwaya shida a yini, wato giram 3. Mai ciwon hanta ko mai ƙaramin jiki ya tambayi likita, don nasa ya yi ƙasa da haka. Mai hawan jini ya guji irin wanda ake jefawa a ruwa yana tafasa, gishiri gare shi. Ciwon gwiwa ko kafaɗa kuwa, gashi da ruwan ɗumi na taimakawa, haka ma man shafawa na dikilofenak, tunda kaɗan ne ke shiga jini, sai dai mai raunin ƙoda ya nemi izinin likita tukuna. Taramol ba mafita ba ce: yana taruwa a jikin mai ciwon ƙoda, yana iya jawo farfaɗiya, ga kama mutum. Canja suna ma ba ya raba mu da haɗarin, domin firoksikam da indometasin da nafroksen da meloksikam duk gida ɗaya suke, allura kuma ba ta fi ƙwaya sauƙi ga ƙoda ba. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramar asfirin ta zuciya, mai miligiram 75 ko 100, kada ya daina da kansa.

Shawararmu ga mai hawan jini ko suga ita ce ya auna kiriyatinin da fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, a Laquintinie ko duk asibitin da ke kusa da shi, ya tambayi lambar tacewarsa. In ta yi ƙasa da 60, kada ya taɓa dangin ibufurofen sai da likita. In ta yi ƙasa da 30, ya rabu da su baki ɗaya. Takardar gwajin ta zauna a jaka tare da takardun shanu, a nuna ta ko a Mubi ko a Marwa aka shiga kemis. Mai lafiya ma kada ya haɗa biyu daga cikinsu, kada ya wuce miligiram 1,200 na ibufurofen a yini ko ya zarce 'yan kwanaki, kuma kada ya sha yana zawo, ko amai, ko ƙishirwar hanya. Ƙwayar da aka ƙulle a leda ba suna, a bar wa mai ita. Wanda kuma ya ga fitsarinsa ya ragu ko fuska da ƙafa sun kumbura bayan ya sha, to ya bar cinikin ranar ya nufi asibiti.

Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.