Aikin da ake saya da buhun masara

Kaka ce lokacin da kuɗi ke shiga hannun manomi a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, kuma ba manomi kaɗai ya san da haka ba. Ana cikin kai masara da waken suya kasuwar Dandume, sai ka ga saƙo yana yawo a zaurukan WhatsApp: hukumar shige da fice tana ɗaukar ma'aikata, ko hukumar tsaron farin kaya, gurbin Jihar Katsina ya kusa cika, a hanzarta. A majalisa sai gardama ta tashi. Wani ya ce damfara ce. Wani ya ce ai kowa ya san yanzu ba a samun aikin gwamnati sai an ba da wani abu.

Wannan magana ta biyu ce ke ba ni haushi, domin da ita ake yanka mutane, kuma abin takaicin shi ne tana da tushe. A ranar 15 ga Maris 2014, ɗaruruwan dubban matasa suka cika filayen wasa da wasu cibiyoyi a Abuja da Minna da Fatakwal da wasu garuruwa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice. Kowannensu ya biya Naira 1,000 kuɗin fom, guraben ba su kai 5,000 ba, kuma fiye da mutum goma sha biyar suka mutu a turmutsitsi. A 2023 kuma, wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, har wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ya amsa a gaban kwamitin cewa ya karɓi kuɗi daga masu neman aiki. Da irin wannan tarihi, ɗan damfara ba ya shan wahalar shawo kan kowa. Jami'ai sun riga sun yi masa sharar gona, nasa kawai shuka.

Sai dai akwai abin da mai wannan magana bai lura da shi ba. A yau cika fom ɗin soja da 'yan sanda da hukumomin da ke ƙarƙashin CDCFIB, wato shige da fice, tsaron farin kaya, kashe gobara da gidajen gyaran hali, kyauta ne, kuma su da kansu suna nanata haka a kowace sanarwa. Wanda ya ce ka biya, ko dai ba ma'aikacinsu ba ne, ko kuma ma'aikaci ne mai aikata laifi. Ko wanne ne, ba ka da rasit, ba ka da shaida, ba ka da wanda za ka riƙe. A 2025 kusan mutum miliyan biyu suka nemi guraben CDCFIB kimanin 30,000. Mai gurbin sayarwa na gaske, in ma akwai shi, ba ya buƙatar tallata hajarsa ga baƙi a zauren WhatsApp na ƙauye.

Mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki, da adadin kuɗi irin wanda aka saba ji. Saurayi ne a wani ƙauyen Kafur, ya gama kwalejin ilimi shekara uku da suka wuce, yana taya mahaifinsa noma. Ya latsa adireshin da aka turo, fom ya buɗe da tambarin hukuma da hoton shugaban ƙasa. Ya sa suna, ranar haihuwa, lambar waya, NIN, BVN, sunan bankinsa, ya ɗora hoton fuskarsa da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kwana biyu sai saƙo: an zaɓe ka, biya Naira 3,500 don tabbatar da fom. Kuɗin ba su kai a je a tambayi kowa ba, kuma da gangan aka yi su haka. Wanda ya biya 3,500 ya nuna yana biya, kuma daga nan ba ya son a ce masa an cuce shi.

Bayan mako sai kiran waya. Murya ce ta dattijo, Hausa tsantsa, da sallama da tambayar iyali, har da ambaton sunan ƙauyensa, wanda shi yaron ya manta cewa da hannunsa ya rubuta a fom. Za a yi gwajin lafiya, Naira 15,000. Sannan babbar magana: sunanka yana jerin ajiya, wani mai uwa a gindin murhu yana neman gurbinka, in ba a kawo Naira 300,000 kafin Juma'a ba, za a ba shi. Kuma kada ka faɗa wa kowa, saboda mahassada. A nan ne yaro zai je ya durƙusa ya ce, "Baba, dama ce ta zo, in ta wuce shi ke nan." Uba ya buɗe rumbu, a ɗora buhuna a mota. Takardar kama aiki ta iso ta waya, da hatimi da sa hannu. Saura abu ɗaya, in ji dattijon: za a haɗa asusunka da tsarin albashi, lambobi za su shigo wayarka yanzu, karanto mini su. Da ya karanta, abin da ya rage a asusun na cinikin masara ya bi sahun na farko.

A kowane mataki akwai inda za a gane, kuma ba sai an yi zurfin karatu ba. Manomin da ke neman 'yan ƙwadago ranar girbi, wa ke biyan wa? Ba a taɓa jin mai gona ya tsaya a bakin kunya ya ce kowa ya ajiye kuɗin shiga ba, ko ya ce a miƙo makullin ɗaki kafin a ba da lauje. Yakan dubi ƙarfin mutum, a yi jinga, a yi aiki, da yamma ya biya. Kuɗi daga mai aiki suke gangarowa zuwa ga ma'aikaci. Haka kuma kowane abu da lokacinsa: ana duba cancanta kafin a yi maganar lada. Lokacin da gwamnatin Dikko Radda ta ɗauki malaman makaranta sama da 7,000 a 2023, sai da aka zauna jarrabawa. Aikin da aka "zaɓe ka" ba jarrabawa, ba ganawa ido da ido, ba ofishin da za ka taka da ƙafarka, amma an riga an kai ga maganar asusun albashi, ya fara ne daga ƙarshe.

Wajen bayanan banki ne mutane suka fi ruɗewa, don haka bari mu tsaya a kai. Za ka ji an ce ai N-Power ma ta nemi BVN, kuma shafin hukuma na gaskiya ma yana neman NIN. Haka ne. Lambar asusu mai lamba 10 ba ta fitar da kuɗi, shigar da su take yi. BVN mai lamba 11 ita kaɗai ma ba ta buɗe asusu. Amma wanda ya riƙe BVN da ranar haihuwa da lambar waya da hotonka yana iya ƙoƙarin yin rajistar manhajar banki da sunanka a tasa wayar, ko ya buɗe wani asusu ko ya ci bashin manhaja da sunanka. Abin da ke tare masa hanya shi ne lambobin nan da banki ke turowa wayarka, OTP, don ya tabbatar kai ne. Shi ya sa duk zagaye-zagayen dattijon a kansu suke ƙarewa. Biyan albashi ba ya buƙatar OTP, ba ya buƙatar PIN, ba ya buƙatar lambobin da ke jikin katin cirar kuɗi, gaba ko baya. Babu ma'aikatar da ke neman su, a farko ko a ƙarshe. Shi kuwa NIN, abin tambaya shi ne a ina kake rubuta shi.

Wannan ya kawo mu ga adireshi. Tambari da hoton shugaban ƙasa kowa na iya kwafa. Abin da ke da wuyar kwafa shi ne ƙarshen adireshin, wato abin da ya zo dab kafin alamar `/` ta farko da ke bayan sunan shafin. Na hukumomin gwamnati yana ƙarewa da `.gov.ng`, na soja da `.mil.ng`, kamar `recruitment.cdcfib.gov.ng` da `recruitment.army.mil.ng`. In ka ga sunan hukuma a gaba amma ƙarshen ya zama `.blogspot.com` ko `.xyz`, ko an dunƙule shi da `bit.ly`, ko fom ɗin Google ne, to gidan haya ne aka manna wa allon hukuma. Kuma shafin da ya ce sai ka tura saƙon ga zauruka biyar kafin ya ci gaba, ya mayar da kai ɗan aikensa ne.

Alama mafi sauƙi tana wurin mai POS. Kafin kuɗi su tafi, sunan mai asusun yana fitowa. Tun 2015 kuɗin da ake biyan hukumomin tarayya asusun bai-ɗaya na gwamnati suke shiga, da lambar biya da rasit. Sunan wani mutum a asusun manhajar waya ba hukuma ba ne, ko da an ce maka akawun ofis ne. Da masu POS na Bakori da Danja da Malumfashi za su riƙa tambayar "kuɗin mene ne?" in sun ga yaro yana rawar jiki, da an tsirar da buhuna da yawa. Kada kuma a haɗa wannan da ɗan abin da ake ba mai shagon intanet: ladan aikinsa da datarsa ne, ba kuɗin fom ba. Gwajin lafiya na gaskiya ma a asibitin gwamnati ake yinsa, a biya asibitin da kansa. Takardun makaranta na asali kuwa ana nuna su ne ranar tantancewa a dawo da su gida. Wanda ya ce a bar masa su, musamman dillalin aikin ƙasar waje da ke neman riƙe fasfo, yana neman igiyar da zai ja ka da ita ne.

In an riga an faɗa, sa'o'in farko su ne komai, domin ana rarraba kuɗin zuwa wasu asusun nan take. A fara toshe asusu. Bankuna da dama suna da lambar yin haka daga kowace waya, kamar `*894*911#` na First Bank, `*901*911#` na Access, `*966*911#` na Zenith. Sannan a je reshen banki a rubuta ƙorafi da rasit da sunan asusun da aka tura wa, don su nemi ɗaya bankin ya riƙe abin da ya saura. Kada a goge saƙonni ko lambar da ta kira, da su 'yan sanda ko EFCC za su yi aiki. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20, amma sai an kai ƙara take aiki, kuma yawancin iyaye sun gwammace su haɗiye asarar da a ji a gari cewa sun je sayen aiki. Akwai kuma kira na biyu da yakan biyo baya bayan 'yan makonni, daga wani da zai ce shi jami'in EFCC ne, an kama ɓarawon, za a mayar da kuɗi, amma a turo Naira 20,000 na buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayar wa lambar wayar.