Sanya sunan banki a inshorar kadarar da aka jinginar

Duk wanda ya jinginar da gida ko sito ya karɓi bashin banki, zai ci karo da wani sharaɗi a takardar tayin bashin: a yi wa ginin inshora, a kuma rubuta bankin a matsayin wanda za a fara biya diyya. Dalilin a fili yake. Idan gobara ta cinye ginin, jinginar da bankin ke riƙe da ita ta zama toka.

Mai inshorar ne ke nema, domin yarjejeniyar tasa ce. Zai rubuta wa kamfanin, kai tsaye ko ta hannun dillalinsa, ya ambaci lambar inshorar, adireshin ginin da cikakken sunan bankin kamar yadda yake a takardar tayi, ya ce a sanya shi a matsayin `First Loss Payee`. Kamfanin zai fitar da takardar ƙarin sharaɗi mai sa hannu da hatimi, wadda ake haɗawa da ta asali. Kwafinta ake kai wa banki, kuma sau da yawa sai ya gan ta yake sakin kuɗi. Haka tsarin yake a kamfanonin takaful.

A ce wani ɗan kasuwa a Kano yana da sito da sake gina shi zai ci naira miliyan 60, saura miliyan 18 banki ke bin sa, sai gobara ta yi ɓarnar miliyan 30. Idan inshorar cikakkiya ce, banki zai ɗauki 18 ɗinsa, shi kuma ya samu 12, don bankin ba shi da haƙƙi a kan abin da ya haura bashinsa. Amma idan ya yi inshorar miliyan 40 kacal don rage kuɗin shekara, kamfanin zai biya kashi biyu cikin uku na asarar, wato miliyan 20. Banki ya cire nasa, a bar shi da miliyan 2 da kango.

Akwai kuma inda ba a biyan ko sisi. A Najeriya doka ta ce sai an biya kuɗin inshora kariya ke fara aiki. Sannan idan mai ginin ya ɓoye cewa yana ajiye fetur a ciki, kamfanin na iya ƙin biya, kuma a sharaɗi na gama-gari hakan na shafar bankin ma. Bashin kuwa yana nan a wuyansa.

Inshorar gini yawanci ta shekara guda ce. Don haka duk lokacin sabuntawa ka duba ko sunan bankin ya fito a sabuwar takarda, ka kuma daidaita adadin da tsadar siminti da rodi. Ranar da ka gama biyan bashi, ka karɓi wasiƙar sallama daga banki, ka kai wa kamfanin ya cire sunansa.