Kwangila ɗaya, kwafi biyu: Yadda ake gano sassan da suka sauya da abin da sauyin ke nufi

Babbar hanyar Abuja zuwa Kano, wadda ta ratsa ta Madalla da gefen garin Suleja a Jihar Neja, misali ce ta yadda kwangila ɗaya kan kasance da fuska biyu. A watan Disambar 2017, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a bai wa kamfanin Julius Berger aikin hanyar a kan Naira biliyan 155.7. A watan Maris na 2021 kuma, majalisar ta amince a mayar da kuɗin Naira biliyan 797.2.

Duk wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma biyu zai ce an ninka kuɗin aiki har sau biyar ne kawai. Amma kwatanta kwafi biyu na yarjejeniya ya wuce duba farashi, domin kowane sashe yana rataye ne da wasu sassan, kuma ba a gane ma'anar sauyinsa sai an karanta shi tare da su.

Matakin farko shi ne a tabbatar da abin da ake kwatantawa: wane kwafi ne ya riga wani, wanne aka sanya wa hannu, wanne ne har yanzu daftari. A kuma haɗa da takardun da aka lika a baya, kamar jadawalin kayan aiki da farashinsu da zanen aikin, saboda sau da yawa a can sauyin yake ɓuya.

Daga nan sai a zana jadawali mai gida huɗu: batun sashe, abin da tsohon kwafi ya ce, abin da sabo ya ce, sai kuma wanda sauyin ya amfana ko ya ɗora wa nauyi. Ana jera sassan ne bisa batunsu, ba bisa lambarsu ba. Idan aka cusa sabon sashe guda a tsakiya, sashe na 8 zai koma na 9, kuma mai bin lamba zai riƙa gwada abin da ba su da alaƙa.

Idan aka ɗora kwangilar hanyar a kan wannan jadawali, bisa abin da gwamnati ta bayyana, layi uku ne za su fito fili. Na farko shi ne nau'in aikin. A 2017, gyaran hanyar aka bayar. A 2021, Ministan Ayyuka da Gidaje na lokacin, Babatunde Fashola, ya bayyana cewa an mayar da aikin sake gina hanyar baki ɗaya. Na biyu shi ne kuɗin. Tsawon hanyar kusan kilomita 375 ne, ke nan kowace kilomita ta tashi daga kimanin Naira miliyan 415 zuwa kimanin biliyan 2.1. Na uku shi ne wa'adi: daga watanni 36 da aka tsayar da farko, sai aka tura kammala ɓangaren Abuja zuwa Kaduna har shekarar 2023.

Wannan jeri yana nuna cewa farashin biyu ba na abu ɗaya ba ne. Faci da shimfiɗa sabuwar kwalta daban suke da tone hanya a sake ta daga tushe. Haka kuma darajar Naira ta sauya a tsakani: Dala ɗaya tana wajen Naira 305 a farashin hukuma a 2017, ta kai wajen 380 a farkon 2021. Idan aka auna da Dala, ninkin ya fi kusa da huɗu. Jadawalin dai ba ya yanke hukuncin ko sabon farashi ya dace. Aikinsa shi ne ya nuna tambayar da ta kamata a yi, wato nawa ne daga cikin ƙarin ya fito daga ƙarin aiki, nawa ne kuma daga tsadar kaya. Batun kuɗin bai mutu a nan ba, domin a watan Nuwambar 2024 Ma'aikatar Ayyuka ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna bayan saɓani da kamfanin a kan farashin ragowar aikin.

A kwangilar hanya, sauyin ya bayyana a farashi, kowa ya gani. A ƙananan yarjejeniyoyi kuwa, wanda ya fi cutarwa shi ne sauyin da ya bar farashi yadda yake. A ɗauki misalin wani ɗan kasuwa a Suleja da ya bai wa ɗan kwangila ginin shaguna a kan Naira miliyan 20, cikin watanni shida. An kawo masa daftari na biyu, kuɗi da wa'adi suna nan daram, amma wurare uku sun motsa.

A sashen farashi, tsohon daftari ya ce kuɗin tsayayye ne. Sabon ya ƙara cewa idan kayan gini suka yi tsada, mai aiki ne zai biya bambancin. Idan siminti da rodi da sauran kaya sun ci miliyan 12 daga cikin kuɗin, sannan suka tashi da kashi 25 cikin ɗari, ɗan kasuwar zai ƙara miliyan uku. A sashen wa'adi, da farko ana ƙirga watanni shida daga ranar sanya hannu, yanzu kuwa daga ranar da ɗan kwangila ya fara aiki, ranar da shi kaɗai ke da ikon zaɓa. Na uku shi ne sashen tarar jinkiri, Naira 50,000 a kowane mako, wanda aka cire ɗungurungum. Jinkirin mako takwas da a da zai jawo tarar Naira 400,000, yanzu ba ya jawo ko sisi.

Sashen da aka cire shi ya fi wuyar ganewa, domin mai karanta sabon kwafi kaɗai ba zai ga gurbinsa ba. Shi ya sa ake bin takardun sau biyu: daga tsoho zuwa sabo don gano abin da ya ɓace, sannan daga sabo zuwa tsoho don gano abin da aka cusa. Kalmomi ƙanana ma suna da nauyi. "Zai biya" wajibi ne, "zai iya biya" zaɓi ne. Haka nan kwana 30 da kwanakin aiki 30 sun bambanta da kusan mako biyu.

Kwamfuta na rage wahala. A manhajar Microsoft Word, a ƙarƙashin Review akwai Compare, wanda ke haɗa kwafi biyu ya ja layi a kan duk kalmar da aka goge ko aka ƙara. Sai dai ba ya karanta takardar da aka ɗauka a hoto, kuma a wurinsa gyaran waƙafi da cire tarar jinkiri duk sauyi ne iri ɗaya. Ba zai kuma nuna cewa sauya ma'anar kalma guda a sashen fassara ya shafi duk sassan da kalmar ta fito ba, alhali ko harafi ba a taɓa a cikinsu ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin doka. Sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi cewa idan aka rubuta yarjejeniya, ba a karɓar shaidar baka don sauya abin da ke cikinta, sai a wasu keɓantattun yanayi. Saboda haka cewa "an gaya mini ba a sauya komai ba" ba kasafai take tsirar da mutum a gaban alƙali ba. Abin da ya dace shi ne a miƙa jadawalin ga ɗaya ɓangaren ya tabbatar a rubuce cewa sauye-sauyen ke nan babu ƙari, lauya ya duba waɗanda suka shafi kuɗi da wa'adi da soke aiki, sannan ɓangarorin biyu su sanya hannu a kowane shafi na kwafin ƙarshe, kowa ya riƙe nasa.