Idan gwamnati ta rufe hanya, wa zai ɗauki asarar kwangila?

A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, ta kuma hana shiga da fita da dabbobi, don toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da kuɗi. Katsina ma ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, wadda ke ɓullewa Zurmi. A farkon Satumba aka katse layukan waya a Zamfara. Duk wanda ya ɗauki alkawarin kai kaya daga Ɗan Isa, Shinkafi ko Ƙauran Namoda ya wayi gari hannunsa a ɗaure.

A ɗauka wani falke a Ɗan Isa ya yi yarjejeniya da wani mahauci a Legas zai kai masa shanu 30 kafin 15 ga Satumba, har ya karɓi kafin alƙalami na naira miliyan 3. Dokar ta zo shanun na hannunsa. Shin ya saɓa alkawari?

Kotu za ta fara duba takardar yarjejeniya, ko akwai sharaɗin da lauyoyi ke kira fos majo, wato abin da ya fi ƙarfin ɓangarorin biyu. A Najeriya wannan kariya ba ta zuwa da kanta, sai an rubuta ta, kuma abin da aka lissafa a ciki kaɗai take rufewa. Idan an ambaci umarnin gwamnati, falken ya tsira, muddin ya nuna umarnin ne ya hana shi, kuma ya sanar da mahaucin a kan lokaci.

Idan babu sharaɗin, sai ya nemi kotu ta ce kwangilar ta rushe da kanta saboda aikin ya gagara. Kotun Ƙoli ta amince da irin wannan a 1978, a shari'ar Araka da kamfanin Monier, kan hayar wani gida a Fatakwal da yaƙin basasa ya hana a zauna cikinsa. Sai dai ƙofar ƙarama ce. Tsadar mota ko doguwar hanyar zagaye ba uzuri ba ne. Dole aikin ya zama ba zai yiwu ba ko ya haramta. Da yarjejeniyar ta ce shanu 30 kawai ba tare da faɗin inda za su fito ba, mahaucin na iya cewa a sayo masa a wata jihar da ba a hana ba. Idan kuwa shanun da ya gani ya zaɓa ne a Ɗan Isa, hujjar falke ta yi ƙarfi. Kwangila in ta rushe ba a kai ko saniya ɗaya ba, kafin alƙalami zai koma ga mai shi, kuɗin dusa da na makiyayi kuma falke ne ke cikin haɗarin ɗauka.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne batun 'yan bindiga. Abin da aka san yana faruwa lokacin ƙulla yarjejeniya ba a cewa ya zo ba zato. Wanda ya sa hannu yau zai bi hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ya san ana tare ta, don haka da wuya alƙali ya karɓi wannan uzuri sai an rubuta shi ƙarara. Malaman Malikiyya ma sun yi wannan bambanci a babin ja'iha: idan fari, fara ko runduna suka lalata sulusin 'ya'yan itacen da aka sayar tun suna bisa, ana rage wa mai saye kuɗi gwargwadon ɓarnar, amma sun yi saɓani kan ɓarawo, tunda ana iya tsare kaya daga gare shi.

Sharaɗin da zai yi aiki a wannan yanki yana iya zama haka: "Babu laifi a kan wanda harin 'yan bindiga, garkuwa da mutane, ambaliya ko umarnin gwamnati na rufe kasuwa, hanya ko layin waya ya hana shi cika alkawari. Zai sanar cikin kwana 7, a rubuce ko ta bakin shaidu biyu. Idan matsalar ta wuce kwana 60, kowane ɓangare na iya soke yarjejeniyar, a mayar da kafin alƙalami bayan an cire kuɗin da aka tabbatar an kashe."

Kwanakin na masu yarjejeniya ne, su ƙara ko su rage. Amma kada a taƙaita sanarwa ga waya kaɗai, domin a 2021 ita kanta wayar tana cikin abin da aka rufe.