Saƙon da Babu Ranar Biya

Sati biyu da fara sanin makamar aiki a wani kamfanin dillancin shinkafa a Kano, aka ɗora wa wata ɗalibar jami'a aikin da kowa ke gudu: tura saƙon manaja ga 'yan kasuwar da ake bi bashi. Ta zo ne a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ƙirƙiro a 1973 domin ɗalibai su ɗanɗani aiki kafin su gama karatu.

Manajan mutum ne mai gaggawa. A tsaye yake ba da saƙo, makullin mota a hannu: "Rubuta wa Alhaji, bai biya ba. Ya biya ko mu tsayar da kaya." Yadda ya faɗa haka ta tura ta WhatsApp. Kafin la'asar Alhaji ya kira a fusace, yana tambaya ko yaron shago aka mayar da shi.

Da aka ba ta saƙon wani dillalin, sai ta zarce gona da iri. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali da kasuwa, ta rufe da cewa a taimaka "idan Allah ya hore". Mutumin ya amsa da godiya, bai turo ko kwabo ba. Kuma ba laifinsa ba ne, don babu inda aka ce masa yaushe.

Akantan kamfanin, wani dattijo, shi ya ajiye mata saƙonnin biyu gefe da gefe. Ciwonsu ɗaya: babu adadin kuɗi, babu kayan da ake magana a kai, babu rana. Na uku da ta rubuta ga shi:

"Salamu alaikum, Alhaji. Muna tuni ne kan cikon naira 850,000 na buhunan da aka sauke muku ranar 3 ga wata. Har yanzu ba mu ga shigowarsa ba. Muna roƙon a kammala zuwa Alhamis domin motarku ta Asabar ta tashi. Idan kun riga kun tura, a taimaka mana da rasit."

Gargaɗin manaja yana nan daram, an dai mayar da shi dalili: biya ne zai tayar da mota. "Ku" ta maye gurbin "kai". Sannan "ba mu ga shigowarsa ba" ta bar ƙofa a buɗe, wadda "ba ka biya ba" kan rufe, alhali kuskuren yana iya zama na banki ko na ofis. Hakan kuwa aka yi: rasit ya nuna rabin kuɗin ya shiga tsohon asusun kamfanin tun makon jiya.

Wata guda manaja yana karanta kowane saƙo kafin ya fita. Ran nan ta miƙa masa wayar kamar kullum, ta ce, "Yallaɓai, a duba." Bai ko karɓa ba.

"Tura kawai, 'yata. Na dillalan Dawanau ma daga yau ke za ki riƙa rubutawa."