Yadda Rubutu da Hoto Ke Samun Motsi a Teburin Edita

Duk mai kallon labarai a talabijin ya saba ganin sunan baƙo yana shigowa daga gefen allo a hankali, ya tsaya a ƙasan fuskarsa, bayan ɗan lokaci ya dushe. Mutane da yawa na ɗauka edita ne ke bin hoton firem bayan firem yana tura rubutun da hannu. Alhali wurare biyu kawai yake sa wa alama, inda motsi zai fara da inda zai ƙare, manhaja ta lissafa abin da ke tsakani. Wannan alamar ita ce kifirem.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A zamanin da ake zana katun da hannu, babban mai zane kan zana muhimman tsayuwa kaɗai, misali hannu a ƙasa da hannu a sama, mataimakansa su cike zanen da ke tsakani. Yau aikin mataimakan ne manhajoji irin su Premiere Pro da After Effects da DaVinci Resolve suka karɓa, haka ma CapCut ta waya, inda alamar ke zuwa da siffar ɗan lu'ulu'u.

A ɗauki misalin editan da ke tace wata hira a Premiere Pro, a allo mai faɗin fiksel 1920 da tsayin 1080, firem 25 a daƙiƙa ɗaya. Ya rubuta sunan baƙon, ya ajiye shi a ƙasa ta hagu. Idan ya buɗe Effect Controls, zai ga Position a ƙarƙashin Motion da lambobi biyu, 960 da 540. Ta farko ita ke kai abu hagu ko dama, ta biyu kuma sama ko ƙasa. Abin lura a nan, idan lamba ta biyu ta ƙaru, ƙasa abin ke yi.

Gogaggen edita daga ƙarshe yake farawa. Sai ya matsa gaba firem 20 daga farkon rubutun, ya danna ɗan agogon da ke gefen Position. Nan take kifirem ya zauna, ya riƙe 960, wato mazaunin sunan. Daga nan ya koma firem na farko, ya mayar da lambar 760. Manhajar da kanta za ta sa wata alamar, domin tun da aka kunna agogo, duk canjin lamba kifirem ne. Hikimar farawa daga ƙarshe ita ce wurin da aka wahala aka daidaita rubutu ba zai gurɓace ba.

Yanzu akwai tazarar fiksel 200 da za a ci cikin firem 20, wato fiksel 10 a kowane firem. A firem na 10, lambar za ta nuna 860. Saurin motsi daga wannan lissafin yake fitowa: a matso da alamomin kusa da juna rubutu ya yi tsalle, a nisanta su ya riƙa jan ƙafa.

Sai dai idan aka kunna, ido zai ji wani abu bai zauna ba. Rubutun ya taso da gudu ɗaya, ya tsaya cak kamar motar da ta daki bango. Dalili shi ne manhajar ta raba tazarar daidai wa daida, abin da take kira Linear. Gyaransa ba wuya. Edita zai danna kifirem na farko da maɓallin dama na linzami, ya shiga Temporal Interpolation ya zaɓi Ease Out, a na biyu kuma ya zaɓi Ease In. Sabon shiga kan musanya su, to Ease Out na wurin tashi ne, Ease In na wurin isowa. Da haka rubutun zai taso a hankali, ya ƙara gudu a tsakiya, ya rage kafin ya zauna. Wannan ɗan gyaran, a gaskiya, shi ya fi komai bambanta aikin ƙwararre da na ɗan koyo.

Har yanzu da saura, domin a 760 wani ɓangare na sunan na iya kasancewa a allo tun firem na farko. Nan Opacity ke shigowa, wato yadda abu ke bayyana: 0 ba a ganinsa sam, 100 ya fito sarai. A sa 0 a firem na farko, 100 a na 20, sai sunan ya riƙa bayyana yana tafiya.

Wajen fitar rubutu ne aka fi tuntuɓe. Edita yana son sunan ya ɓace a daƙiƙa ta 6, sai ya je can ya sa 0 kawai. Abin da manhajar ta gani shi ne 100 a firem na 20 da 0 a daƙiƙa ta 6, don haka tun daga lokacin da sunan ya gama bayyana za ta fara dusar da shi. Mai kallo zai ga rubutu yana kodewa tun bai gama karantawa ba. Ana buƙatar kifirem na uku a daƙiƙa ta 5 mai riƙe da 100, sannan na huɗu mai 0. Alamomi biyu masu lamba ɗaya su ne ke tsayar da abu wuri guda.

Wata matsalar kuma ta ɓataccen kifirem ce. Edita ya dawo daga baya don ya ɗan ɗaga rubutu sama, ya manta yana tsaye a daƙiƙa ta 3. Maimakon gyara, sai ya haifar da sabuwar alama, rubutu ya kama rarrafe ba dalili. Idan aka ga haka, a duba layin Position, za a tarar da lu'ulu'un da ba a gayyata ba, a goge shi. Ƙananan kibiyoyin da ke gefen layin suna kai mutum kan kifirem daidai, kuma a can ya kamata a yi gyara. Kada a kuskura a sake danna agogon da nufin gyara, domin hakan share alamomin layin gaba ɗaya yake yi, ko da yake manhajar kan yi gargaɗi tukuna.

Hoton da ba ya motsi kuwa, Scale ne ke ba shi rai. Ba'amurken nan mai shirya finafinan tarihi, Ken Burns, ya shahara da shiga cikin tsofaffin hotuna sannu a hankali a shirinsa The Civil War na 1990, har kamfanin Apple ya sa wa salon sunansa a iMovie. Masu haɗa bidiyon biki da na suna wannan salon suke bi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Hoto mai fiksel 4000 da 3000 yana cika faɗin wannan allon tun a Scale 48. Edita na iya sa 50 a farko, 56 bayan daƙiƙa 5, hoton ya matso a natse ba tare da ya rasa kyansa ba. Idan fuskar amarya tana gefe, sai a haɗa da kifirem biyu na Position a daidai waɗancan wuraren, domin Scale kan faɗaɗa ne daga Anchor Point, wanda a tsakiyar hoto yake zama idan ba a taɓa shi ba. Iyakar dabarar tana wajen lamba 100. Da an haura ta, manhaja na ƙirƙiro fiksel ɗin da babu su, gefen fuska da rubutun jikin riga su fara hazo. Hoton da aka turo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba yakan iso a matse, shi ya sa editoci ke roƙon masu biki su turo shi a matsayin Document.