Sauya fuska cikin bidiyon bincike: a kan na'urarmu ko a kan ta kamfani?

1. Gabatarwa

Mai binciken harshe da ke ɗaukar bidiyo yakan yi wa mutanen da suka ba shi magana alkawari cewa ba za a gane su ba. Tsohuwar dabarar cika alkawarin ita ce a dusashe fuska ko a rufe ta da baƙi, amma wannan na kashe abin da aka je nema: kallo, ɗaga gira, murmushi da kaɗa kai, waɗanda duka suna cikin zance. A yau akwai wata hanya, wato a ɗora wa mai magana fuskar wani, motsin ya kasance nasa, kamannin kuwa na aro. An yi haka cikin fim ɗin Welcome to Chechnya na David France a shekara ta 2020, inda waɗansu suka ba da aron fuskokinsu don a ɓoye mutanen da rayuwarsu ke cikin haɗari.

Tambayar wannan takarda ɗaya ce: a ina ya kamata a yi aikin, a kan katin hoto na kwamfutar sashe, ko a wajen kamfanin da ake biya ta intanet? Za mu nuna cewa kuɗi da lokaci suna da nasu nauyi, amma abin da ke yanke hukunci shi ne inda bidiyon asali ke zuwa.

2. Yadda samfurin ke aiki

Da kalmar samfuri muna nufin fayil ɗin lissafi da aka riga aka horar a kan ɗimbin hotunan fuskoki. Misalin da muka ɗauka shi ne inswapper_128 na InsightFace, wanda manhajoji na kyauta irin su FaceFusion ke amfani da shi. Girmansa kusan rabin jigabayit ne, kuma an ba da shi don bincike, ba don kasuwanci ba.

Bidiyo jerin hotuna ne, 25 a kowane sakan. A kan kowane hoto manhaja na yin abu uku. Da farko tana neman inda fuska take. Sannan ta yanko ta, ta daidaita ta cikin murabba'i mai fiksel 128 a kowane gefe. A ƙarshe ta sake zana ta bisa kamannin fuskar aro, waɗanda aka taƙaita cikin lambobi 512, ta mayar da ita gurbinta. Katin hoto yana yin irin wannan lissafi da saurin da ya ninka na kwamfuta zalla sau da yawa.

Abin lura a nan shi ne samfurin ba ya aiki sai an ba shi fuskar asali a buɗe. Ke nan idan a wajen kamfani za a yi aikin, dole a aika masa ainihin abin da aka yi alkawarin ɓoyewa.

3. Misali da lissafi

A ƙaddara wata ɗaliba ta ɗauki hira 40 da matan karkarar Maraɗi a kan kalmomin aure da saki, kowace hira minti 15. Jimilla minti 600 ne, wato awa 10, wato hotuna 900,000. Alƙaluman sauri da na farashi da ke biye zato ne na aiki. Kowa ya auna nasa ya sa a gurbinsu.

Hanya ta farko, kwamfutar sashe. A ce tana da kati irin RTX 3060 mai jigabayit 12, wanda ya fito a 2021, yana cin wat 170. Idan yana gama hoto 10 a sakan, aikin zai ɗauki sakan 90,000, wato awa 25. Idan duk kwamfutar na cin wat 300, kuran ɗin da za a ƙona kilowat-awa 7.5 ne, abin da bai taka kara ya karya ba. Nauyin yana ga sayen katin. A ce sefa 250,000.

Hanya ta biyu, kamfani. Bidiyo mai megabit 8 a sakan yana cin jigabayit 3.6 a awa, saboda haka hirarrakin duka jigabayit 36 ne. A layin da ke aika megabit 2 a sakan, aikawar kaɗai awa 40 ce, ban da dawo da sakamako, ban da kuɗin layin kansa. Wato kafin a gama aikawa, kwamfutar sashe ta riga ta gama aikin. Idan kamfanin na karɓar sefa 500 a minti, minti 600 sun kama sefa 300,000.

Daga nan ƙa'ida ta fito: a raba kuɗin kati da farashin minti ɗaya. A misalinmu an samu minti 500. Wanda aikinsa duka bai kai haka ba, kamar mai son gutsuren minti 3 don taro, kamfani ya fi masa arha nesa ba kusa ba. Wanda ya wuce haka, ko zai maimaita aikin, kati ya fi masa. Maimaitawa kuwa ba makawa, domin da wuya zagayen farko ya fito yadda ake so, kamfani kuma yakan karɓi kuɗi a kowane zagaye.

4. Abin da kowace hanya ke yi wa sirri

Idan an aika bidiyo ga kamfani, abubuwa uku sun fita hannunmu: fuskar mai magana, muryarta tare da abin da ta faɗa, da fuskar wanda ya ba da aro. Daga nan sai abin da yarjejeniyar kamfanin ta ce. Kafin a aika ko da minti ɗaya, a nemi amsa a rubuce: kwana nawa ake ajiye fayil, ana horar da samfuri da shi, a wace ƙasa na'urorin suke, kuma wa ke iya buɗe shi? Ko an samu amsa mai daɗi, ba mu da hanyar tabbatar da cewa an goge. Ƙasar kamfani ma tana da hannu: dokar Amirka ta 2018 da ake kira CLOUD Act ta ba hukumomin can damar neman bayanai daga kamfanoninsu ko da a wata ƙasa aka ajiye su.

A Nijar, dokar 2017 kan kare bayanan mutane ta kafa hukumar HAPDP, aka kuma yi sabuwar doka a 2022. Hoton fuska da murya bayanan mutum ne, kuma fitar da su waje na da sharuɗɗa. Amma tun kafin doka akwai maganar yarda. Matar da ta ce ta yarda malamai su gani, ba ta ce ta yarda a aika hirarta ƙetare ba. Idan ba a tambaye ta wannan da harshen da take ji ba, ba a samu yardarta a kansa ba.

Akwai hanya ta tsakiya: a yi hayar katin hoto ta intanet awa-awa, mu sa manhajar da kanmu, mu goge da kanmu. Tana rage yawan hannuwan da ke taɓa fayil, amma bidiyon asali dai ya kwana a na'urar wani.

Kwamfutar sashe ma ba ta rasa nata haɗarin. Nan ɓarawo, da kwamfutar da kowa ke taɓawa, da fayil ɗin da aka kwafa a waya su ne abin tsoro. Magani shi ne a kulle faifan ajiya da manhaja irin VeraCrypt, a raba bidiyon asali da wanda aka sauya, a kuma goge hotunan wucin gadi da manhajar ke bajewa lokacin aiki, domin fuskar asali na cikinsu. Gwaji mai sauƙi: bayan an sauko da samfuri, a cire intanet gaba ɗaya. Idan aikin ya tafi, lalle a gida ake yin sa. Idan ya tsaya, a binciki abin da manhajar ke nema a waje kafin a ba ta hirar kowa.

5. Matsaloli da yadda ake gane su

Matsala ta farko ita ce manhaja ta koma lissafi ba tare da katin ba, ba ta kuma faɗa ba, sai a ga aikin awa 25 na neman makonni. Ana dubawa da wannan umarni lokacin da aiki ke gudana:

```
nvidia-smi
```

Idan aikin katin na kusa da 0%, ba a amfani da shi. Umarnin na nuna zafi kuma. Irin wannan kati yakan rage gudu da kansa idan ya kai wajen digiri 83, abin da ke saurin faruwa a watan Afrilu cikin ɗaki mai ƙura. Sai a yi aiki da dare, a share fanka, a kuma yanka bidiyo hira-hira don kada yankewar kuran ta ɓata aikin yini guda.

Matsala ta biyu ta fi muni, kuma ta shafi hanyoyin biyu. Duk hoton da manhaja ba ta ga fuska a ciki ba, yakan fito yadda yake. Wannan na faruwa idan mai magana ta juya gefe, ta sunkuya, ta rufe baki da hannu don kunya, ko mayafi ya sauko. Ko da hoto ɗaya ne cikin dubu, a misalinmu hotuna 900 ke nan masu fuskar gaskiya, kowanne yana wucewa cikin ƙiftawar ido, amma wanda ya tsayar da bidiyo zai gan shi. Dole mutum ya bi waɗannan wurare hoto bayan hoto, ya dusashe abin da ya kuɓuce. A kwamfutar sashe gyaran na hannunmu. A wajen kamfani sai a sake aikawa a sake biya.

Ta uku ta shafi sana'armu. Fiksel 128 kaɗan ne, leɓɓa da haƙora kuma zanen samfuri ne. Bidiyon da aka sauya ya isa a nuna yadda ake karɓe-karɓen magana, amma bai isa a auna kewayen leɓɓa a kw da gw ba, ko yadda ake furta f a Maraɗi da Damagaram. Irin wannan awo a kan asali ake yin sa. Sannan murya, karin harshe, tufafi da zanen bangon gida duk suna nan. Maƙwabciya ba ta bukatar fuska kafin ta gane mutum.

6. Kammalawa

Shawararmu ita ce a kasa bidiyo gida biyu tun ranar ɗauka. Inda aka yi alkawarin ɓoye mutum, aikin ya tsaya a kwamfutar sashe, ba tare da intanet ba, ko da kamfani ya fi arha. Inda mutum ya yarda a fili, bayan an yi masa bayani, cewa hotonsa na iya fita waje, kuma gutsuren gajere ne, ana iya biyan kamfani. Wanda ya ba da aron fuska shi ma a nemi yardarsa a rubuce, domin za a ga fuskarsa tana faɗin abin da bai faɗa ba, kuma a rubuta a kan kowane bidiyo cewa an sauya fuska. Idan sashe ba shi da kati, ba shi kuma da yardar fitarwa, a koma ga dusashe fuska har ranar da aka samu.